QR na manne da QR na kowane ciniki: wanne ya fi wa mai shago?

Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar. Ina da shago a Kantin Kwari, kuma akwai takardar QR da aka ba ni na manna a jikin kanta, mai saye ya haska da wayarsa ya turo kuɗi. Jiya wani yaro daga kamfanin da suka ba ni ya zo yana cewa in karɓi wata na'ura da za ta riƙa fitar da sabon QR duk lokacin da aka yi ciniki. Na ce masa wanda ke manne ai yana aiki, me zan yi da sabo kullum? Ya yi ta bayani, ni dai ban fahimci komai ba sai cewa yana so in karɓa. Abin da ya sa ban kore shi ba, ranar Asabar mata biyu sun sayi turmi iri ɗaya, kowace naira 18,500, kusan a tare. Kowace ta nuna min wayarta cewa ta biya. Kuɗi ɗaya ne ya shigo lokacin. Na rasa ta wacce ce. To wannan na'urar za ta yi maganin irin haka, ko talla ce kawai?

Ɗan POS: Wa alaikumus salam Alhaji. Karɓi kawai, kada ka yi wasa. Na mannen nan tsohon yayi ne, kowa zai iya ɗaukar hotonsa ya yi maka ɓarna. Shi na na'ura a kulle yake da lambobin sirri, ba a iya kwaikwayonsa, kuma bayan minti kaɗan hoton yana mutuwa da kansa. Ni tunda na koma shi ban sake rigima da kowa ba.

Uwargida Mai Kayan Miya: Ni fa tambayata, idan mutum ya ɗauki hoton nawa na manne ya tafi da shi gida, zai iya kwashe min kuɗi? Don yarana kullum suna cewa in daina barin mutane suna ɗaukar hotonsa. Har tsumma nake rufe shi da shi idan ba ciniki.

Injiniya: Hajiya, cire tsumman nan. Wanda ya ɗauki hoton QR ɗinki abu ɗaya kawai zai iya yi da shi, shi ne ya turo miki kuɗi. Ba ya buɗe asusu, ba ya ɗauke da lambar sirrinki. Haɗarin na manne yana nan, amma ba ta wannan ƙofar ba, zan zo kansa.

Alhaji Mai Atamfa, aikina ke nan, ina cikin masu haɗa irin waɗannan manhajoji, don haka bari in faɗa maka abin da ke cikin hoton, daga nan za ka ga amsarka da kanka. Waɗannan ɗige-ɗigen baƙi da fari rubutu ne kawai, layi ɗaya na lambobi da haruffa. A 2021 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar biyan kuɗi da QR, ya ce a bi tsarin EMV, wato ƙa'idar da manyan kamfanonin katin biyan kuɗi na duniya suka shimfiɗa, kuma a shekarar ce NIBSS, cibiyar da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, ta ƙaddamar da nata QR na biyan kuɗi mai suna NQR. A wannan tsarin kowane bayani yana da lambar gurbinsa, sai tsawonsa, sai shi kansa bayanin. Na tsakuro maka guraben da suka shafe mu, na bar na lambar shagonka. Na manne yakan ɗauki irin wannan:

```
000201
010211
5303566
5802NG
```

Wanda na'ura za ta fitar don turmin nan naka kuma:

```
000201
010212
5303566
540818500.00
5802NG
62090505C0147
```

Dubi layi na biyu. Inda ya ƙare da 11, yana gaya wa wayar mai saye cewa wannan hoton na amfani ne sau da yawa. Inda ya ƙare da 12, yana cewa an yi shi ne don ciniki ɗaya. 566 ita ce lambar naira, NG kuma Najeriya. Sai abubuwa biyu da suka ƙaru a na biyun. Gurbi na 54 kuɗin ne, 18500.00. Gurbi na 62 kuma yana ɗauke da lambar wannan cinikin, a misalina C0147. Duk bambancin da yaron kamfanin ya kasa yi maka bayani a waɗannan layuka biyu yake: kuɗi, da lambar ciniki.

Mai Atamfa: To Injiniya na ga lambobi. Amma matan nan biyu fa?

Injiniya: Yawwa. Da na manne, abin da hoton ya faɗa wa wayar kowacensu shi ne ga shagon Alhaji. Shi ke nan. Kowace ta rubuta 18,500 da hannunta. Da kuɗin ya iso wurinka, ya zo da adadi da sunan mai asusun da ya turo. Idan da asusun mijinta ta biya, ko na ɗanta, sunan ba zai taimake ka ba, don ba ka san sunan ko ɗayansu ba. Sai ka koma tambaya, wace ce matar wane, ana jan layi a bayansu.

Da na'ura ce, ta farko za ka buga 18,500, ta fitar da hoto mai lamba C0147. Ta biyu ka sake buga 18,500, ta fitar da wani mai C0148. Idan kuɗi ya shigo yana zuwa da lambarsa, na'urar ta ce 147 an biya, 148 ana jira. Ba ruwanka da sunan kowa, ba ruwanka da abin da wayarta ke nunawa. Na manne kamar allon sunan shago ne, na na'ura kuma kamar rasit ne da ka rubuta wa mutum ɗaya.

Akwai kuma maganar hannu. A na manne mai saye ne ke rubuta kuɗi. Wanda ya kamata ya buga 18,500 ya buga 1,850, da gangan ko da kuskure, wayarsa za ta nuna masa kore cewa an biya. Kai kuma kana cikin hayaniya, ka leƙa, ka ga 1 da 8 da 5, ka naɗe masa kaya. A na na'ura kai ne ka buga kuɗin, shi nasa ya duba ya sa lambar sirrinsa.

Ɗan POS: Ka ga abin da na faɗa ke nan.

Injiniya: Rabinsa ka faɗa, ɗan'uwa. Maganar a kulle yake da lambobin sirri ba haka ba ne. Duk biyun a buɗe suke, duk wata manhajar karanta QR za ta baje maka rubutun da ke ciki. Abin da ke ƙarshen layin shi ne gurbi na 63, haruffa huɗu da ake lissafowa daga sauran rubutun. Aikinsu su kama kuskuren karatu, misali idan kyamara ta ɗauki wani sashe ba daidai ba. Ba hatimi ba ne. Wanda ya san lissafin zai haɗa nasa hoton ya lissafo nasa haruffan huɗu su fito daidai.

Kuma hoton ba ya mutuwa. Hoto ne, ka ɗauka ka ajiye shekara goma yana nan. Kwamfutar kamfanin ce ke riƙe da lissafi cewa C0147 an riga an biya ko lokacinta ya wuce, sai ta ƙi karɓa. Tsaron yana can wurinsu. Kamfanin da ya yi aikinsa da kyau ba zai bari a biya lamba ɗaya sau biyu ba. Kafin Alhaji ya karɓi na'urar, wannan na cikin abin da ya kamata ya sa yaron ya gwada a gabansa: a fitar da na naira 100, a biya, a sake haska hoton nan ɗin a gani ko zai ƙi.

Mai Firinta: Salam. Ni fa ina buga wa mutane irin wannan mai canzawar a shagona a Zariya. Ba sai da wata na'ura ba. Ana buga hoton sau ɗaya a kan leda mai kyau, daga baya mai shi ya shiga shafin ya canza inda yake kaiwa, yau katalog na kayan sallah, gobe lambar WhatsApp. Alhaji idan kana so in yi maka, ba tsada.

Injiniya: Malam, wani abu ne daban kake sayarwa. Naka adireshin intanet ne a ciki, hoton bai canza ba, inda adireshin ke tura mutum ne ke canzawa. Na talla ne, yana da amfaninsa. Wanda ake magana a nan hoton kansa ne sabo a kowane ciniki, kuma manhajar banki ce ke karanta shi. Hasali ma zan ja kunnen masu saye: idan ka haska QR a shago don biyan kuɗi sai ya buɗe maka wani shafi yana neman lambar katinka ko lambar sirri, tsaya nan. Ka biya daga cikin manhajar bankinka.

Mai Firinta: To ai su ma masu shafin haka suke kiransa, mai canzawa. Amma na ji.

Uwargida Mai Kayan Miya: Injiniya ka ce za ka dawo kan haɗarin nawa. Ina jira.

Injiniya: Ga shi Hajiya. Ba ɗaukar hoto ba ne, liƙa wani a kai ne. Takarda ce a jikin tebur, tana kwana a kasuwa ke kina gida. Wani ya buga nasa QR daidai girman naki ya manna a sama. Ido ba ya bambance QR ɗaya da wani. Mai saye ya haska, ya biya, wayarsa ta nuna an biya, kuma gaskiya ya faɗa, kuɗi ya fita daga asusunsa. Sai dai ya tafi wani wuri. An sha kama irin wannan a China da Indiya, inda biyan kuɗi da QR ya zama ruwan dare har wurin masu sayar da shayi.

Alamarsa ita ce mutane da yawa a jere suna cewa sun biya ke ba ki ga komai ba. Mutum ɗaya, wataƙila sabis ne. Uku a jere, ki duba takardar. Maganinsa ba wuya. Da safe kafin ki fara ciniki ki haska da wayarki ki ga sunan da zai fito. Ki bi gefen takardar da farce ki ji ko ta yi kauri biyu. Idan allo ne da ake ɗagawa, ki tafi da shi gida ko ki kulle shi da kaya. Kuma ki saba da tambayar mai saye wane suna ya gani kafin ya tura. Ki sa ya karanta duka, don ɓarawo mai wayo zai nemi sunan da ya yi kama da naki.

Na na'ura ya tsira daga wannan, saboda hoton a fuskar na'ura yake fitowa, ba inda za a liƙa komai.

Uwargida Mai Kayan Miya: Allah Ya saka da alheri ɗana. Amma ni in ka ce in karɓi na'ura ba zan karɓa ba. Tumatir na 300, albasa na 200, attaruhu na 150. Hannuna da ruwa da ƙasa. Zan tsaya goge hannu in buga lamba wa kowane mutum? Wasu uku sun wuce wurin maƙwabciyata.

Injiniya: Ban ce ki karɓa ba, kuma kina da gaskiya. A cinikinki na manne ya fi. Ba ya buƙatar cajin batir, ba ya buƙatar data a wurinki, mutum uku za su iya haska shi a lokaci guda. Ko ya ɗan goge ko maiƙo ya taɓa shi yakan karantu, don an gina QR da maimaicin bayani, a mataki mafi ƙarfi har kusan kashi 30 cikin ɗari na iya lalacewa a karanta. Na na'ura kuwa sai na'urar na da wuta kuma tana da sabis kafin ta fitar da hoto mai lamba, sannan mutum ɗaya take saurara a lokaci guda. Kuskuren 150 kuma ba irin na 18,500 ba ne.

Dattijon Singa: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan magana da kuke yi, a cikin mutum goma da ke shigowa shagona nawa ne ke haska wani hoto? Lambar asusu ce a rubuce a kwali, lamba goma, mutum ya kwafa ya yi taransifa. Tun wahalar takardar kuɗi ta farkon 2023 haka muke yi. Wasu masu sayen ma ƙaramar waya ce da su, sai dai su danna lambobin banki su turo. Da me za su haska?

Ɗan POS: Baba ai zamani ne, dole a bi.

Dattijon Singa: Zamani ba ya biyan kuɗin haya, yaro. Ni abin da mai saye ya iya shi nake bi.

Injiniya: Baba bai yi ƙarya ba, taransifa zuwa lambar asusu ta fi QR yawa a kasuwanninmu nesa ba kusa ba, kuma mai ƙaramar waya marar kyamara ba shi da rabo a QR na manne ko na na'ura. Amma kwalin nan na Baba da QR na manne abu ɗaya suke yi: suna faɗin inda kuɗi zai je, ba sa faɗin nawa ne ko na wane ciniki. Abin da QR ya rage shi ne kuskuren kwafar lamba goma da zaɓen banki. Matsalar matan Alhaji biyu tana nan a kwalin ma, ba ta ragu da komai ba.

Yaron Shago: Ina neman izini in faɗi namu ɓangaren, don mu ne a gaban kanta. Maigidana yakan tafi Legas saro kaya, ko ya fita masallaci, alat kuma wayarsa yake shiga. Mutum ya biya da na manne, ni ba ni da hanyar sani sai na kira shi. In bai ɗauka ba, ko in tsare mutum ya yi fushi, ko in sake shi in kwana da fargaba. An taɓa nuna min hoton biya na ƙarya, na ba da kaya, daga albashina aka cire. Ni wannan ne ya sa nake son na'urar, don tana nuna min a gabana ba tare da na ga abin da ke cikin asusun maigida ba.

Injiniya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ƙanena, kuma ta fi ta tsaro da ake ta tallatawa. Sai dai ka lura, abin da ya cece ka shi ne tabbacin yana zuwa wurinka. Ana iya samun haka da na manne ma. Wasu kamfanoni suna ba yaron shago manhajar da ke nuna shigowar kuɗi kawai, a Indiya kuma akwai ƙaramin akwati mai lasifika da ke faɗin adadin da ya shigo da murya. Kuma ko da na'ura, idan ka kalli wayar mai saye maimakon na'urarka, hoton ƙarya zai ci ka kamar da.

Mai Atamfa: Na fara ganewa. Amma akwai abin da ke damuna. Mu nan ciniki ake yi. Na ce 20,000, ta ce 17,000, a yi ta ja har in ce na sallama a 18,500. Bayan na sallama ma sai ta ce a ƙara mata ɗankwali. In na riga na fitar da hoton fa?

Injiniya: Sai ka soke shi ka fitar da sabo, ba a gyara kuɗin wanda ya riga ya fita. Don haka kada yaronka ya taɓa na'urar sai an gama magana an naɗe kaya. Kuma a nan ne na na'ura ke da tasa rigimar da yaron kamfanin ba zai faɗa maka ba. A ce ta haska C0147, ta sa lambar sirri, an cire mata kuɗi, amma saƙon tabbaci bai iso na'urarka ba saboda sabis. Na'ura na ta juyawa har lokacin lambar ya ƙare. Yaro ya ce bai shiga ba, ya fitar da C0148, ta sake biya. Can da yamma duka biyun su sauka, ko na farkon ya koma mata. Kai ba ka san wanne zai faru ba a lokacin, ita kuma ta ga an cire mata 37,000 a turmi ɗaya.

Idan haka ta faru, kada a fitar da sabo nan take. A shiga jerin cinikin da ke na'urar a duba halin C0147, a rubuta lambar da lambar wayarta a littafi. Amfanin lambar ke nan, in za ka kai ƙorafi kana da abin nunawa, ba kawai ka ce wata mata ta biya wajen azahar ba.

Ɗan POS: Wannan kam yana faruwa. Amma ni in ya tsaya haka ba na ba da kaya sai na gani.

Dattijon Singa: Kai da ba ka da kwastoman shekara ashirin. Akwai wanda in ka tsare shi a kan saƙon waya ka rasa shi har abada.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Ni nakan shigo Kano sarin atamfa. In na ɗauki hoton na mannen Alhaji na koma gida, zan iya haska shi da asusun wayata na sefa in biya bashin da ke kaina?

Injiniya: A'a yallaɓai. Kyamararka za ta karanta hoton, amma gurbin kuɗin yana cewa 566, naira, sefarku kuma lambarta 952, sannan manhajarka ba ta cikin hanyar da ke kai kuɗi bankunan nan. Amma rabin tambayarka daidai ne. Wanda ke da asusun naira a manhajar da ke karɓar wannan QR zai iya biya daga nesa da hoton na manne, idan manhajar tana ɗaukar hoto daga cikin waya. Na na'ura bai dace da bashi ba, don kafin ranar biya lokacinsa ya wuce.

Mai Atamfa: Wannan ma abin dubawa ne, don rabin cinikina da 'yan sari bashi ne, suna biya kaɗan-kaɗan. Ke nan ko na karɓi na'urar ba zan cire na mannen ba.

Injiniya: Da yawa haka suke yi, duka biyun a asusu ɗaya. Abin da ya rage ka tambayi yaron shi ne kuɗi: nawa ne na'urar, akwai kuɗin wata ko adadin cinikin da dole ka kai, nawa ake cira a kowane ciniki, kuma kuɗin nan take yake sauka ko sai washegari. Ya rubuta maka a takarda.

Uwargida Mai Kayan Miya: In ana cirar wani abu a kowane ciniki ai sai a ɗora wa mai saye.

Yaron Shago: Hajiya gwada ki ce wa mutum ya ƙara 50 bayan an sallama, ki ga yadda zai ajiye kayan.

Ɗan POS: Mu ai muna karɓa kullum ba wanda ke magana.

Dattijon Singa: Kai kuɗi kake sayarwa, mu kaya. Ba ɗaya ba ne. Injiniya, in yaron nan ya rubuta wa Alhaji farashin, a sa mana a nan mu gani, don na san gobe shagona zai biyo.